An ba ni takardar manajan aiki, amma ba wanda ke jin maganata

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni injiniya ne a wani kamfanin niƙa masara da haɗa abincin kaji a nan Zariya. Babban manaja ya ba ni takarda cewa ni ne manajan aikin kafa injin busar da masara da rumbunan ƙarfe biyu, a gama kafin ƙarshen Oktoba. Amma mai aikin wuta sai ya ce ogansa bai sake shi ba, sito su ce sai an sa hannu daga sama, akanta ya ce bai san da ni ba. Wani abokina ya ce laifin tsarin kamfanin ne, wai akwai tsarin sassa, da na matiriks, da wanda aka gina a kan aiki zalla. Mene ne bambancinsu, kuma a wanne ne manajan aiki ke da iko na gaske?

Wa alaikumus salam, Injiniya. Ɗauko takardar nan ka sake karanta ta, amma wannan karon ka tsallake sunan muƙamin. Nemi inda aka rubuta nawa za ka iya kashewa da sa hannunka kai kaɗai, da inda aka ambaci sunan mutum ɗaya da aka ce daga yau kai za ka riƙa gaya masa inda zai tsaya da safe. Ina kyautata zaton ba za ka samu ko ɗaya ba. In haka ne, sarautar je-ka-na-yi-ka aka ba ka, kuma ba lallai da mugun nufi ba. Shugabanni da yawa sun ɗauka suna shi ne iko.

Ikon manajan aiki a ƙananan abubuwa yake ɓuya. Wa ke gaya wa mai aikin wuta inda za shi ranar Litinin da safe? Wa ke sa hannu a kuɗi, kuma har zuwa nawa? Wa ke amince wa mutum da hutu da obataim, ya kuma cike takardar auna ƙwazonsa ta ƙarshen shekara? In aikinka da aikin yau da kullum suka yi karo, maganar wa ake bi? Tsare-tsaren nan uku ba komai ba ne illa hanyoyi uku na raba waɗannan tsakanin shugaban sashe da manajan aiki. Ma'aikaci kuwa ba ya buƙatar a karanta masa jadawalin shugabanci, ya san hannun da ke ba shi da hannun da ke hana shi.

Kamfaninku, yadda na fahimta, tsarin sassa yake bi tsantsa. An tara masu sana'a ɗaya a ƙarƙashin shugaba ɗaya: masu gyare-gyare can, masu niƙa can, sito, sayayya, akanta, kowa da ogansa, ogannin kuma sai a teburin babban manaja suke haɗuwa. Tsari ne tsoho kuma mai hujja. Wani injiniyan ma'adinai Bafaranshe, Henri Fayol, ya rubuta ƙa'idarsa tun 1916, cewa kada ma'aikaci ya karɓi umarni daga shugaba fiye da ɗaya. Mu ma mun san ba a sarki biyu a gari ɗaya. Don aikin da ake maimaitawa kullum ba abin da ya kai shi, domin ƙwarewa tana taruwa wuri ɗaya, yaro ya koya daga babba, kayan aiki kuma ba sa warwatsuwa. Ko aiki mai wa'adi ma, in a cikin sashe ɗaya yake, kamar kwance babban janareta a yi masa garambawul, tsarin sassa ya wadatar, shugaban gyare-gyare shi ne manajan aikin ko ba a kira shi haka ba.

Matsalar tana farawa ne sa'ad da aiki ya ratsa sassa, kamar naka. Kana buƙatar wuta da walda daga gyare-gyare, kebul da ƙarfe daga sayayya, kuɗin ɗan kwangila daga akanta, fili da lokacin kashe injina daga masu niƙa. Babu ɗaya daga cikin mutanen nan da ke ƙarƙashinka, kuma hanyar da tsarin ya tanada ita ce buƙatarka ta hau sama zuwa babban manaja, sannan ta gangaro ta wani sashen. Kai a tsakiya ɗan aike ne mai ilimi: ka bi fayil, ka tuna wa mutane, ka kai rahoto. Ƙungiyar masu sana'ar tafiyar da ayyuka ta PMI, wadda aka kafa a Amurka a 1969, ta ma bambanta mai bin sawun aiki, wanda ba ya yanke komai, da mai daidaita aiki, wanda aka bar masa 'yan ƙananan shawarwari. Duka biyun ba su kai manajan aiki ba, ko da an buga musu kati da wannan suna.

Ni ma na taɓa zama a kujerar nan, a wani kamfani da ba zan ambata ba. Kwana 19 na yi ina bin takardar sayen bawul huɗu. Tana teburin farko kwana uku don mai teburin ya tafi taro Kaduna. A na biyu aka dawo da ita wai farashin 'yan kasuwa biyu na haɗa, uku ake so. A na huɗu na same ta a ƙarƙashin kwanon abincin masinja, gefenta ya sha manja. Duk tsawon kwanakin nan ina ganin mutanen nan mugaye ne. Sai daga baya na gane ba wanda ya yi mini komai da gangan, takardata ce kawai ba ta cikin abin da za a tuhumi kowannensu a kai.

Wannan ka riƙe shi game da shugaban gyare-gyarenku. In injin niƙa ya tsaya awa biyu, shi za a kira ofis. In injin busarwarka ya makara wata guda, kai za a kira. Don haka duk ranar da ya hana ka mai aikin wuta, aikinsa yake yi daidai yadda aka auna masa shi. Kada ka ɗauke shi da gaba.

Can ɗaya ƙarshen akwai tsarin aiki zalla, wanda ni nake kwatanta shi da ayari. An ware mutane, an ba su dabbobinsu da guzurinsu, an naɗa madugu, kuma har a isa maganarsa ce magana. Manajan aiki a nan shi ke ɗaukar mutane ko a ba shi su gaba ɗaya, kasafin kuɗi a hannunsa yake, yana da akantansa da mai sitonsa, shi ke auna ƙwazon kowa. Haka kamfanonin gine-gine ke tafiyar da manyan ayyukansu, shi ya sa za ka ga shugaban wurin aikin hanya ya sallami direba da safe ya ɗauki wani da rana ba tare da ya tambayi kowa ba. Kusa da mu ma an yi babban misali. Shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa, wanda aka fara wajen 1975 tare da na Gusau da na Gombe da tallafin Bankin Duniya, ba a saka shi cikin sassan ma'aikatar gona ba. An ba shi hukumar gudanarwarsa, da ma'aikatansa da motocinsa da asusunsa, don kada ya maƙale a layin fayil. Har yau ayyukan da masu ba da lamuni na waje ke ɗaukar nauyi sukan zo da ofishin aiwatarwa na kansu saboda wannan dalili.

Na san tsarin aiki zalla ranka ke so yanzu, amma yi lissafinsa tukuna. A ce aikin wutar injinka gaba ɗaya na kwana 24 ne ga mutum ɗaya. Ba a jere zai zo ba. Akwai shimfiɗa bututun waya kafin a zuba kankaren gindin rumbu, sai a jira kankare ya yi ƙarfi, wanda a ƙa'ida kwana 28 ake ƙirga masa, sai jan kebul, sai haɗa allon wuta bayan an ɗora injin. In ka ɗauki mai aikin wuta naka na kanka na wata uku, wato kwanakin aiki kamar 78 in kuna yin shida a mako, ka biya 78 ka mori 24, ko kashi ɗaya cikin uku bai kai ba. Haka mai walda, haka mai sito. Ga shi kuma ranar da aka gama, ayarin ya watse. Tun saura wata guda mutane ke fara neman inda za su faɗa, daidai lokacin gwaji da ka fi buƙatar hankalinsu. Wanda ya san inda kowace waya ta bi ya tafi da saninsa, a bar sashen gyare-gyare da injin da ba su ga haɗa shi ba. Kuma ko madugu ba ya fin doka: a aikin gwamnatin tarayya dokar sayen kaya ta 2007 tana kansa, in kuɗin lamuni ne sai mai ba da lamuni ya amince kafin a ba da manyan kwangiloli.

Tsakanin waɗannan biyun matiriks ya zauna, kuma a kansa zan daɗe, don nan mafitarka take, nan kuma aka fi yin kuskure. Ɗauke shi kamar saƙa. Zaren tsaye sassa ne, zaren kwance ayyuka ne, kowane ma'aikaci yana inda zare biyu suka gitta. Ya bunƙasa ne a kamfanonin ƙera jiragen sama da na sararin samaniya na Amurka a shekarun 1960, zamanin shirin Apollo na kai mutum duniyar wata. Gwamnati tana son mutum ɗaya da za ta riƙe a kan kowace kwangila, kamfanoni kuwa ba za su iya yayyanka ƙwararrun injiniyoyinsu su ba kowace kwangila nata ba. Sai aka karya ƙa'idar Fayol da gangan, aka ba mutum ɗaya shugaba biyu, aka raba musu tambayoyi. Manajan aiki ne ke faɗin me za a yi, da yaushe, da nawa. Shugaban sashe ne ke faɗin wa zai yi, da yadda za a yi shi bisa ƙa'idar sana'a. Kai za ka ce a gama jan kebul zuwa rumbu na biyu ranar Laraba. Shugaban gyare-gyare zai ce wane ne zai ja, kuma ga kaurin kebul ɗin da ya dace.

Sai dai matiriks ba abu ɗaya ba ne, mataki uku gare shi. A mai rauni, an yarda ka yi magana da mutanen sassa kai tsaye ba sai ka bi ta sama ba, amma kuɗi da lokacinsu suna hannun ogansu, kai ma aikin ɗori ne a kan aikinka na kullum. Tsarin sassa ne ya sa sabuwar riga. A madaidaici, an san da kai a matsayin manajan aiki, kuna raba ikon kuɗi da shugabannin sassa, kowane muhimmin abu sai kun daidaita. A mai ƙarfi, wannan aikin ne kaɗai aikinka, kasafin yana hannunka, kana sayen lokacin ma'aikata daga sassa kamar yadda za ka saya a waje, kuma wanda kake kai wa rahoto sa'an shugabannin sassan ne ko ya fi su. In kana son sanin matakin da wani kamfani yake, kada ka tambayi abin da suke kiran kansu. Tambayi wa ke sa hannu a bocar biyan ɗan kwangila.

Bari mu ɗauki rana ɗaya mu juya ta. Talata ce, ka ɗauko hayar motar ƙugiya daga Kaduna don ɗaga sassan rumbu, mu ce naira 500,000 a yini, ko ta yi aiki ko ba ta yi ba. Akwai wayar wuta ta cikin kamfani da ta ratsa saman wurin, dole a kashe ta a tabbatar ta mutu kafin ƙugiya ta miƙe, kuma mai aikin wuta ne kaɗai aka yarda ya taɓa wannan layin. Ƙarfe bakwai da rabi na safe sai injin niƙa ya ƙone kwayil.

A tsarin sassa ba ma za a tambaye ka ba. Za ka iso ka tarar mai aikin wuta yana can ya kwance murfin injin, direban ƙugiya yana shan shayi a bakin ƙofa. Ka kira babban manaja, wayarsa a kashe. In ka yi sa'a a sake maka mutumin bayan azahar, hadari ya haɗo, iska ta hana ɗagawa, gobe ka sake biyan wata 500,000. Mafi muni, kuma na ga an yi, shi ne manajan da ya ƙosa ya ce a ɗaga a hankali a kauce wa wayar. Kada ka taɓa yin wannan, ko motar za ta kwana uku a tsaye.

A tsarin aiki zalla babu labari. Mai aikin wutarka yana wurin tun bakwai, ya kashe layi, ya sa kwaɗo, an ɗaga. Ka riga ka biya kuɗin wannan kwanciyar hankalin da kwana 54 da ya yi yana zaman jira.

A matiriks kuwa sai an yi magana, kuma ingancin tsarin duka yana ga yadda maganar za ta kasance. Shugaban masu niƙa zai ce tsayuwar yini tan 40 ce ta abinci, ribar kowane tan naira 25,000, wato miliyan ɗaya, ta ninka kuɗin ƙugiyarka. A baki ya fi ka hujja. Amma in ka san sito akwai buhunan da za su ishi masu saye kwana uku, to tsayuwar awa biyu ba ta hana sayar da buhu ko ɗaya ba. Kai kuma awa ɗaya da rabi kawai kake buƙatar mutumin da safe, sai minti talatin da yamma ya mayar da layi, yaransa kuwa za su iya fara kwance injin niƙan ba tare da shi ba. Cikin minti goma za ku gama. Wata rana lissafin zai juya, sito ba komai, motocin masu kaji sun yi layi, a ranar kai ne za ka haƙura, kuma daidai ne. Abin da matiriks ke buƙata shi ne mutum biyu masu iko kusan ɗaya, da alƙaluma a gabansu, da na uku wanda zai raba gardama a ranar in sun kasa. In babu na ukun nan, mai aikin wuta ne zai zaɓa da kansa, kuma wajen mai cike masa takardar ƙarin girma zai nufa.

Inda matiriks ya fi yaudarar sabon manaja shi ne maganar kaso. Za a zauna a taro a ce an ba ka rabin lokacin wane. Ka koma ka rubuta: kwana uku a mako, aikin kwana 24, mako takwas, in an fara 1 ga Agusta an gama 26 ga Satumba, ga sarari. Amma rabin lokaci ba ya zuwa a dunƙule. Yakan fara da zagayen injina da safe, ya iso wurinka sha ɗaya saura, ya ɗauko kayan aiki, ya tuno inda ya tsaya jiya, a kira shi a waya wani abu ya tsaya, ya dawo an kira salla. In ka tara abin da ya taɓuka a mako, da ƙyar ya kai na kwana biyu. Kwana 24 a biyu-biyu mako 12 ne, wato 24 ga Oktoba, ba a ma fara gwajin injin ba, wanda shi ma zai ci mako biyu. Ka shiga Nuwamba ke nan. Amfanin injin kuwa duka a farkon kaka yake, lokacin da sabuwar masara ke fitowa daga Giwa da Soba da Saminaka da arha da ɗanyenta, ana buƙatar a sauko da damshinta zuwa wajen kashi 13 cikin ɗari kafin ta shiga rumbu. In iskar hunturu ta riga ku busar da ita a gonaki, kamfani ya yi asarar shekara guda ta ribar injin. Saboda haka kada ka karɓi kaso. Karɓi suna da rana: wane, Litinin da Talata da Laraba, daga safe zuwa tashi, kuma ga wanda zai riƙe masa injina a kwanakin.

Ga kamfani mai girman naku da aikin wata uku, shawarata kada ka nemi a ware maka ayari, ba za a ba ka ba, bai ma kamata ba. Nemi matiriks madaidaici mai ɗan karkata zuwa ƙarfi, na wannan aikin kaɗai, a rubuce a shafi ɗaya da sa hannun babban manaja. A ciki a faɗi iyakar kuɗin da za ka amince da shi kai kaɗai daga kasafin da aka riga aka yarda da shi, ko da naira 300,000 ne, domin ƙananan saye-saye su ne ke cinye kwanaki, ba manya ba. A rubuta sunayen mutanen da ranakunsu. A ce kai ke sa hannu a obataim ɗin da aka yi a wurin aikin, kuma a ƙarshe za a nemi ra'ayinka a rubuce kafin a cike takardar ƙwazonsu. Wannan layi ɗayan yana sauya yadda ake amsa kiranka fiye da duk wani taro. Sannan a ambaci uban aikin, wato babban da zai raba gardama cikin awa 24, ya kuma zauna da ku minti ashirin kowane mako. In babban manaja ba mazauni ba ne, ya wakilta wanda ya fi shugabannin sassa girma.

Yadda za ka nemi takardar ya kusa kai abin da ke cikinta muhimmanci. Kada shugaban gyare-gyare ya fara jin labarinta daga sama. Ina zaton ya girme ka, wataƙila ya fi ka shekara goma a kamfanin. Same shi a ofishinsa, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce ka zo neman shawara ne kan ranakun da ba za su cuce shi ba. Bar shi ya zaɓi kwanakin. Ka kuma faɗa masa a fili cewa kaurin kebul da irin allon wuta da inda za a kafa shi duk maganarsa ce, tunda shi zai gaji injin. In kuka shiga wurin babban manaja tare da takardar da ya riga ya gani, an gama. In ka kai ƙararsa, za ka samu sa hannu, ka kuma samu mai aikin wutar da kullum yana hanya.

Akwai wani tsari na huɗu da ba a koyarwa a aji, amma duk wanda ya yi aiki a kamfanin iyali a ƙasar nan ya san shi. Alhaji mai kamfani ya zagayo da yamma, ya tsaya ya dubi wurin, ya ce a matsar da rumbun can kusa da katanga, ko ya kira mai walda ya tura shi gyaran ƙofar gidan gona. Ba jadawalin da ke hana wannan, kuma gardama a gaban ma'aikata ba ta da amfani. Abin da nake yi shi ne in ce to, ranka ya daɗe, sannan kafin a kwana in aika masa da gajeren saƙo: an karɓi umarni, matsar da rumbun zai ƙara kwana 12 da kuɗi kaza, a ci gaba? Sau da yawa amsar takan zo a bar shi inda yake.

In an ba ka takardar, sa ido, domin matiriks yakan zame ya koma tsarin sassa a hankali ba tare da kowa ya sanar ba. Alamar farko ita ce mutum ya daina zuwa ranarsa kuma ba wanda ya ga ya kamata a gaya maka. Sai shugabannin sassa su fara turo yaransu taron mako, waɗanda ba za su iya cewa e ko a'a ba. Sai ka ji ɗan kwangila yana kiran akanta kai tsaye don ya gano ba ta wurinka kuɗi ke fitowa ba. Ajiye ɗan littafi ka riƙa rubuta ranakun da aka yi alkawari da waɗanda aka samu. Mako biyu a jere aka ba ka huɗu a maimakon shida, kai wa uban aiki lissafin, ba ƙorafi ba: ga abin da aka samu, ga ranar da za a gama in aka ci gaba a haka. Kai ma akwai zamewar da za ka iya yi ta ɗaya gefen. Manajan da ya ji kuɗi a hannunsa yakan fara shiga abin da ba nasa ba, ya ce a sa kebul ɗin da ke sito ko da bai kai kauri ba don a cika wa'adi. Ranar da ya yi zafi ya narke a tsakiyar kaka, shugaban gyare-gyare zai fito da takardar da ya ce bai yarda ba.

In kuma babban manaja ya ce shi ba ya son yawan takardu, ku je ku daidaita kawai, to ka san a tsarin sassa za ka yi aikin nan, sai ka yi shi da wannan sanin. Daina yin alkawarin rana da bakinka. Kowace Asabar ka miƙa masa shafi ɗaya mai nuna abubuwa uku ko huɗu da ke jiran hukuncinsa, kowanne da sashen da yake maƙale da ranar da in ta wuce wa'adin Oktoba ya tafi. Ka kuma roƙi abu ɗaya tak wanda ba ya taɓa ikon kowa a cikin gida: a ba ɗan kwangilar da ya kawo injin aikin wutar gaba ɗaya, daga bututu har allon wuta, mutanenku su tsaya a dubawa da haɗawa da babban layi. Zai fi tsada a takarda, amma ya mayar da kwana 24 da kake roƙo zuwa kamar huɗu, ɗan kwangila kuwa yarjejeniya ce ke tsakaninku, ita kuma kana da ikon riƙe shi da ita ko a wane tsari kake. Ka tabbata dai an rubuta a cikinta cewa ba za a biya kason ƙarshe ba sai ya miƙa zanen wayoyin yadda aka ja su a zahiri, shugaban gyare-gyare ya duba ya sa hannu.